Yadda ake cire inuwar mai kyamara daga gilashi a cikin shot ɗin da aka riga aka ɗauka

An gama shutin, an zo kan editin, sai ka buɗe shot ɗin da jarumi ke tsaye gaban gilashin da aka jera kaya a ciki, yana kallon wani agogo, ka ƙara haske kaɗan kawai sai ga mai kyamara nan ɓaro-ɓaro a jikin gilashin, har da farar rigarsa da ɗan jan fitilar kyamara. A ƙaramin allon kyamara ba wanda ya lura. Yanzu kuma lokeshan ya tashi, komawa ba zai yiwu ba. To ana iya gyarawa, amma sai ka fahimci abu ɗaya tun daga farko: ba goge inuwar ake yi ba, babu wani maɓalli da zai ɗage ta ya bar maka abin da ke baya. Abin da ake yi shi ne a sake gina abin da ke bayan gilashin daga wasu firam na shot ɗin, a ɗora shi kamar facin riga, a sa shi ya bi motsin kyamara, sannan a mayar masa da haske da tsaki-tsakin bidiyo har ido ya kasa gane inda facin ya tsaya.

Kafin ka taɓa komai, zauna ka kalli shot ɗin a hankali, firam bayan firam, don ka gane wace irin inuwa ce gare ka, domin iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Gilashi yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske daga kowace fuska tasa, fuska biyu kusan kashi 8 ke nan, kuma wannan hasken ƙaruwa yake yi a kan abin da ke baya, ba ya rage komai. Saboda haka idan mai kyamara yana cikin haske, bayansa kuma duhu ne, za ka gan shi a matsayin wani fari-fari da ya hau kan kayan. Wannan shi ne iri na farko. Iri na biyu kuwa shi ne bayansa ne ke da haske, misali titi ko sararin sama, duk gilashin ya ɗauki hoton titin, shi kuma ya fito baƙi a tsakiya. A nan wurin da yake tsaye shi ne ma wurin da ya fi tsafta a gilashin, domin jikinsa ne ya tare hasken titin. Mutane da yawa suna ɓata awoyi saboda ba su bambance waɗannan biyun ba. Zan bi iri na farko dalla-dalla, na biyun kuma zan taɓo shi a gaba.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi. Shot ne na daƙiƙa 6 a firam 25, wato firam 150, girmansa 1920 da 1080. Kyamara tana mita 2 daga gilashi, tana kallonsa kai tsaye, tana zamewa gefe a hankali kamar santimita 60 daga farko zuwa ƙarshe, mai kyamara yana binta. A cikin akwatin gilashin akwai allon baya mai ɗan zane, santimita 40 bayan gilashi, sai agogo a kan ɗan dandamali kusa da gilashin. Wajen ƙarshe hannun jarumi yana shigowa ya nuna agogon.

Lura da wani abu a nan, don shi ne sirrin aikin gaba ɗaya. Inuwar mai kyamara ba a jikin gilashin take zaune ba a idon kyamara, tana can baya ne da nisan da yake tsaye, shi yana mita 2 a gaba, inuwarsa tana mita 2 a baya, mita 4 ke nan daga kyamara. Kuma tunda duk inda kyamara ta matsa shi ma ya matsa, inuwar tana nan kusan wuri ɗaya a cikin firam, allon baya ne ke wucewa ta ƙarƙashinta. Idan faɗin kafaɗarsa santimita 50 ne, abin da yake rufewa a jikin allon da ke mita 2.4 bai wuce santimita 30 ba. Kyamara kuma ta yi tafiyar santimita 60. Ka ga ke nan duk wurin da ya rufe a tsakiyar shot ɗin, a buɗe yake tas a firam na farko ko na ƙarshe. Ba sai ka ƙirƙiro komai ba, hoton gaskiya yana nan a cikin shot ɗinka, ɗauko shi kawai za ka yi.

Zan yi bayani da After Effects da Mocha AE ɗin da ke zuwa a cikinsa, da Photoshop. Mai amfani da DaVinci Resolve zai samu Planar Tracker a shafin Fusion, tunanin ɗaya ne, sunayen maɓallai ne suka bambanta.

Fara da asalin fayil ɗin da ya fito daga kyamara, ba wanda aka riga aka yi wa kala ko aka matse aka turo ta waya ba. Yanko shot ɗin da rarar firam kamar 10 gaba da baya, saboda in darakta ya ce a ɗan tsawaita kada ka sake aikin daga tushe. A Project Settings ka mayar da shi 16 bpc, don a 8 bpc wurare masu laushi irin gilashi da bango suna saurin yin layi-layi idan ka fara taɓa haske.

Sai tirakin, wato sa manhaja ta bi motsin wani abu a cikin shot firam bayan firam. Ɗora Mocha AE a kan bidiyon ka buɗe shi. Tambayar da ta fi komai muhimmanci ita ce me za ka bi, kuma amsar ita ce abin da za ka sake ginawa, wato allon baya, ba katakon da ya zagaye gilashin ba. Katakon yana mita 2, allon yana mita 2.4, ba gudunsu ɗaya ba a cikin firam, na kusa ya fi saurin wucewa. In ka bi katako ka ɗora facin allo, zai riƙa zamewa a hankali kamar yana shawagi, kowa zai gani ko da bai san me ya faru ba. Je firam na 75, tsakiyar shot, ka zana X-Spline a kan sashen allon da ke da zane ko rubutu mai kyau, nesa da inuwar. Idan dole siffar ta bi ta inda inuwar take, to ka zana wata leya daban a kan mai kyamara ka ajiye ta a saman leyar allo, domin Mocha yana cire duk abin da leyar sama ta rufe daga lissafin ta ƙasa. Haka za ka yi wa hannun jarumi da agogon. In ba ka yi haka ba tirakin ɗin zai rikice tsakanin abin da ke tafiya da abin da ke tsaye, sai ka ga yana rawa. Kunna Perspective, ka bi gaba zuwa ƙarshe, ka dawo 75 ka bi baya zuwa farko.

Kada ka yarda da shi don kawai ya kai ƙarshe bai tsaya ba. Kunna Grid ka kunna shot ɗin ka zuba ido, layukan su zama kamar an zana su a jikin allon. Zaɓi wata kusurwa ko wani harafi a allon, ka ga ko layin da ke kansa a firam na 75 yana nan a kansa a firam na farko da na ƙarshe. Zamewar fiksel ɗaya ko biyu tana isa ta tona aiki a babban allo. In ya zame, sake zana siffar ta fi girma ko ka matsar da ita inda zanen ya fi fitowa, gyara a nan ya fi sauƙi sau goma a kan gyara daga baya. Idan ya zauna daram, koma firam na 75 daidai, ka danna Align Surface don kusurwoyi huɗun su tafi kusurwoyin firam. Wannan ɗan matakin shi ake yawan mantawa, kuma shi ne ke sa faci ya faɗa daidai wurinsa ba tare da ka ja shi da hannu ba. Ka riƙe lambar firam ɗin, kada ka danna shi a 74 ka yi faci a 75. Yi Save ka rufe Mocha.

Yanzu haɗa facin. Kwafi bidiyon ka sa masa Remove Grain kaɗan, ba har ya zama kamar roba ba, sannan da Composition > Save Frame As ka fitar da firam uku, na farko, na 75 da na ƙarshe, a TIFF ko PSD. Dalilin rage tsaki-tsakin shi ne hoton da za ka yi a tsaye yake, in ya tafi da tsakin da ya daskare a jikinsa zai zama kamar datti a manne a gilashi alhali sauran bidiyon yana motsi. A Photoshop ka sa na 75 a ƙasa, shi ne tushe kuma ba a motsa shi ko kaɗan. Ɗora na farko a kansa, mayar da shi Difference, ka ja shi da Edit > Transform > Distort har allon bayan ya koma baƙi, baƙin shi ke nuna maka sun hau kan juna. Agogo da katako ba za su yi baƙi ba, kada ka damu da su, allon kawai kake daidaitawa. Da zarar ya hau, canja shi zuwa Darken. Tunda inuwar ƙarin haske ce kawai, Darken zai zaɓi wanda ya fi duhu tsakanin firam biyun a kowane fiksel, wato wanda ba inuwa a kansa, sai ka ga mai kyamara ya ɓace da kansa. Gaskiya wannan wurin yana da daɗin gani. Yi haka da firam na ƙarshe don ya cike abin da na farko bai cike ba, sannan ka sa Layer Mask ka bar su suna aiki a yankin inuwar kawai. Ɗan abin da ya rage, kamar jan fitilar kyamara ko gefen tirafod, ka share shi da Clone Stamp, kana ɗebowa daga kusa-kusa don haske ya zo ɗaya. Duba da kyau, gilashi mai kauri yana ba da inuwa biyu, ɗaya a ɗan gefen ɗaya, taga mai gilashi biyu ma ta fi haka, ta biyun tana da rauni kuma ita ake bari a baya.

Me ya sa firam na tsakiya? Saboda wuraren da inuwar za ta rufe a farko da ƙarshen shot duk a buɗe suke a cikinsa, kuma duk wani kuskuren karkata ya rabu biyu maimakon ya taru a gefe ɗaya.

Ajiye facin a girmansa na 1920 da 1080, kada ka yanke shi. Shigo da shi After Effects ka ɗora a saman bidiyo. A Effect Controls na Mocha AE, ƙarƙashin Tracking Data, danna Create Track Data ka zaɓi leyar allo, a Export Option ka ɗauki Corner Pin ɗin da ke da Motion Blur a sunansa, a Layer Export To ka zaɓi facin, ka danna Apply Export. Kunna Motion Blur na leyar da na kwamfozishan, domin bidiyon da aka ɗauka a firam 25 da shota 1/50 yana da ɗan dishi-dishin motsi, faci mai kaifi tsaf a tsakiyarsa zai fito daban. Don gwaji, mayar da facin Difference na ɗan lokaci ka bi shot ɗin, allon ya kamata ya zama baƙi duka sai siffar mai kyamara kaɗai ke haske. In ka ga gefunan zanen allon suna walƙiya, tirakin ya zame, koma Mocha.

Ba duka facin muke so ba, inda inuwar take kawai. A nan akwai tarko: in ka zana Mask a jikin leyar facin, After Effects yana lissafa Mask kafin Corner Pin, don haka zai tafi tare da allon, alhali inuwar tana tsaye a firam. Abin yi shi ne ka buɗe sabon Solid, ka zana siffar mai kyamara a kansa, ka sa facin ya ɗauke shi a matsayin Alpha Matte. A misalinmu, in a ce faɗin firam yana ɗaukar kamar santimita 170 na allon, kowace santimita fiksel 11 ce da ɗan wani abu, inuwar ta kai faɗin fiksel kusan 340 ke nan. Zana siffar ta fi haka, ka ba ta rarar fiksel 40 ko 50 kowane gefe, Mask Feather kuma wajen 40 zuwa 60, yadda laushin gefen zai faɗa a wajen inuwar ba a kanta ba. In laushin ya hau kan kafaɗarsa, za ka ga wani siririn farin zobe ya rage. Mutum ba ya tsayawa cak, yana sunkuyawa, gwiwar hannunsa tana fita, saboda haka sa kiifiram a Mask Path duk inda ya motsa.

Idan inuwar ta hau kan agogon ma, shi nasa aikin daban ne, don ya fi allon kusa kuma ya fi shi gudu. Sabon tirakin a kansa, sabon faci daga firam ɗin da yake a buɗe, a ɗora a saman na allo. Ƙa'idar ita ce kowane nisa da nasa facin. Hannun jarumi kuma a gaban gilashi yake, dole ya dawo saman komai: kwafi asalin bidiyon ka kai shi can sama, ka zagaye hannun da Mask firam bayan firam a inda ya ratsa facin kawai, Feather kaɗan daidai da dishi-dishin gefen hannun. Kada ka goge inuwar jarumin kansa, ita ta halatta, ido yana tsammanin ganinta, in faci ya cinye rabinta sai ka dawo da ita.

Saura abin da ke raba aikin da ya zauna da wanda bai zauna ba, wato haske. Facin daga lokaci ɗaya aka ɗauke shi, shot kuma yana canjawa, jarumi ya matso ya tare fitila, ko gajimare ya wuce, ko kyamara tana kan oto ta ɗan buɗe ta rufe. Sa Curves ko Exposure a kan facin, ka ɗora wata Adjustment Layer ta wucin gadi a can sama ka tsananta bambancin haske sosai har hoton ya yi muni, a haka ne bakin facin zai fito fili. Bi shot ɗin kana gyarawa da kiifiram har bakin ya ɓace, ka duba ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa a shuɗi ne bambancin ke ɓuya. Sannan ka duba ko facin ya fi sauran gilashin tsafta. Gilashi na gaske yana da ɗan hazo, ɗan hasken fitila, ƙura. In wurin da ka gyara ya fi ko'ina baƙi da kyau, zai zama kamar an huda gilashin. Ɗan Solid mai launin hasken wurin a Screen, Opacity kamar 3 zuwa 6, da gefe mai laushi, yakan wadatar.

Daga nan sai tsaki-tsaki. Yi wa facin da Solid ɗinsa Pre-compose, ka sa Match Grain a kan sakamakon, Noise Source Layer ya zama asalin bidiyo, ka canja Viewing Mode zuwa Final Output, in ba haka ba a ɗan akwati kawai zai nuna. Ana sa shi bayan Corner Pin ne don kada tsakin ya miƙe ya karkace tare da facin. Zuƙo zuwa 200% ka kunna, tsakin ciki da na waje su riƙa motsi iri ɗaya, girma ɗaya.

Iri na biyu da na ambata, inda ya fito baƙi a tsakiyar hoton titi, hanyar ɗaya ce amma a juye. Abin da ya ɓata shi ne hoton titin, don haka a Photoshop Lighten za ka sa maimakon Darken, kuma tirakin ɗin inuwar titin zai bi, wadda take can nesa tana tafiya a hankali. Matsalar ita ce kayan cikin gilashin suna tafiya da nasu gudun a wuri guda, shi ya sa ya fi kyau ka bar asalin bidiyon yadda yake, ka zana guntun titin da ya ɓata shi kaɗai a kan baƙi, ka ɗora shi a Add ko Screen a cikin siffar mai kyamara. Bakin siffar nan yana buƙatar haƙuri sosai, don a nan ba ka da damar ba da rara, in ka wuce gefe haske zai ninka.

Akwai inda wannan hanyar ba ta kai ba, gara ka sani da wuri. Idan kyamara a kafe take ba ta motsi kuma mai kyamara bai gusa ba, babu firam ɗin da zai nuna maka bayansa, sai dai ka zana da Clone Stamp ko ka nemo wani tek ɗin da aka ɗauka daga wuri ɗaya, amma fa ba ka buƙatar tirakin. Idan inuwar ta hau fuskar mutumin da ke magana a bayan gilashi, faci a tsaye ba zai yi ba, abin da za ka iya shi ne rage hasken wurin da Curves a cikin Mask mai laushi, ya ragu ba ya ɓace ba. Gilashi mai lanƙwasa da kyamarar hannu mai yawan juyi su ma suna karya tirakin na shimfiɗe, sai an raba shot ɗin gida-gida da faci da yawa. Kuma kafin duk wannan wahalar, duba ko inuwar a gefe take: in an ɗauka a 4K za a fitar a 1080, kana da damar zuƙowa har ninki biyu ba tare da hoto ya lalace ba, wani lokacin yanke gefen kawai ya gama magana.

Ga wanda zai sake ɗaukar irin wannan shot ɗin, kada ka dogara da filtar CPL, wadda ake sa wa a gaban kyamara don rage ƙyallin gilashi, a kan wannan matsalar. Tana aiki sosai ne idan kana kallon gilashi a karkace, wajen digiri 35 daga fuskarsa, kai kuma inuwarka tana fitowa ne daidai inda kyamara ke kallon gilashin kai tsaye, inda filtar ba ta da tasiri, ga shi tana cin haske sama da sitof ɗaya. Abin da ke aiki shi ne ka ɗan karkata kyamara har inuwarka ta fita daga firam, ko ka ja baya ka zuƙo, ka sa baƙaƙen kaya, a rataya baƙin ƙyalle mai huda a gaban kyamara, a liƙe jan fitilar da baƙin tef, a hana fitila dukan inda kake tsaye. In kyamara a kafe take, bayan tek ɗin ka bar ta tana ɗauka kowa ya kauce na daƙiƙa 10, wannan guntun shi ne facin edita a shirye.

Idan ka gama, goge Adjustment Layer ɗin gwajin nan, ka fitar da shot ɗin a ProRes 422 HQ ko DNxHR, da firam 25 ɗinsa da rarar da ka bari, ba tare da ka yi masa kala ba. Mayar da shi cikin editin a wurin tsohon, a yi masa kala tare da sauran, sannan ka sake kallonsa bayan kalar a babban allo tare da shot ɗin da ke gabansa da na bayansa, domin kala mai ƙarfi takan fito da bakin facin da ba a gani da farko, in ya fito sai ka koma kan Curves ɗin facin ka ƙara daidaitawa.